Hoton buhu ba taki ba ne

Kafin ma'aji ta buɗe akwati, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan, don maganar yau ta shafi kuɗin da ke cikin akwatin nan kai tsaye.

Damina ta matso. Na san a cikinku akwai waɗanda za su karɓi rance don sayen taki, kuma na san ƙungiyoyi da yawa kan haɗa kuɗi su sayi buhuna a dunƙule don a sami sauƙi. Abin da ya zama yayi yanzu shi ne, mai kaya ba ya zuwa da kayan. Hoto yake turowa ta WhatsApp, a wayar ɗan wata ko a wayar sakatariya, ya ce ga kaya nan na asali, a tura kuɗi kafin su ƙare. Sai a miƙo wa wadda ta ɗan yi boko wayar a ce, "Duba mana, mai kyau ne?"

Ni ma an taɓa miƙo mini, kuma na amsa da abin da bai kamata ba.

A wata ƙungiya ce da nake zagayawa. Sun tara kuɗin buhu 10 na yuriya, farin takin nan da ake yi wa masara bayan an sa kamfa. Aka nuna mini hoto. Buhu fes, sunan kamfani a jiki, tambari a wurinsa, an rubuta kilo 50, an rubuta 46% N kamar yadda ake rubutawa a buhun yuriya. Na ja hoton da yatsa na ƙara masa girma, na duba sama na duba ƙasa, na ce, "Wannan na asali ne, ku saya." Suka tura kuɗi a ranar. Da kaya suka iso aka jibge su a zaure, ba wadda ta buɗe, tunda malama ta riga ta duba. Sai ranar rabo, da aka zazzage buhu na farko a kan tabarma ana awo da kwano, wata baba ta damƙi na ƙasan ta murza a tafin hannu, ta ɗago ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan ai da yashi a ciki." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake so ku lura da shi: hoton bai yi ƙarya ba. Buhun na kamfanin ne da gaske. Abin da ke ciki ne ba nasu ba. Wadda ta yi kuskure ni ce, da na ga buhu na ba da shaidar taki.

To me ya sa buhu na gaske zai zo da kayan bogi? Ku da kanku kun san amsar. Ina buhunan takin da kuka yi amfani da su bara? Wasu an zuba hatsi, wasu an yi shimfiɗar shanya, wasu kuma an sayar wa masu yawo suna sayen buhu. Mai algus ba ya bukatar ya buga buhun ƙarya. Zai sayi na gaske wanda aka juye, ko ya farke sabo ya ɗebi wani abu daga ciki, ya cike gurbin da farin yashi ko dakakken dutse ko gishiri, ya zuba mai kyau a sama, ya sake ɗinkewa. In ya ɗauki hoton wannan buhun, duk abin da idonki zai nema yana nan daidai, domin kamfanin ne ya buga shi. Ko mai kamfanin aka nuna wa hoton, iyakar abin da zai iya cewa shi ne buhun ya yi kama da nasu.

Mu ɗan yi lissafi don ku ga girman abin. Wannan 46 da ke jikin buhu tana nufin a kowane kilo 100 na yuriya akwai kilo 46 na sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar, wanda ake kira naitirojin. A buhu mai kilo 50 ke nan akwai kilo 23. In aka ɗebe kilo 10 aka maye da yashi, nauyi bai canja ba, buhu bai rame ba, rubutu bai goge ba, amma kashi ɗaya cikin biyar na abincin shuka ya tafi. A buhu 10, kun biya kuɗin 10 kun karɓi 8. Kuma ba za ki sani ba sai masara ta ƙi yin yadda kika zata, lokacin kuwa sai a ɗora wa ruwan sama laifi, ko iri, ko gona. Rance kuma yana nan yana jiran biya.

Ko da a ce abin da ke cikin buhun da aka ɗauka a hoto yuriya ce tsantsa, akwai tambaya ta biyu: wa ya ce wannan buhun ne za a kawo miki? Hoto ba ya ɗaure da kaya. Ana iya ɗaukarsa a shagon wani, a wani gari, a wata shekara. Hoto ɗaya zai iya zaga wayoyi ɗari. Wani lokaci za ku ga an rubuta Forwarded a saman saƙon, ma'ana turo shi aka yi daga wani wuri. Amma rashin wannan rubutun ba ya nufin mai kayan ne ya ɗauka, don in ya ajiye hoton a wayarsa ya sake aikowa, rubutun ba zai fito ba. Wasu za su ce to a sa shi ya yi bidiyo, ya buɗe buhu muna kallo. Ya fi hoto, ban musa ba. Sai dai shi ya zaɓi buhun da zai buɗe, shi ya zaɓi inda zai sa hannu, kuma daga sama zai ɗebo. In kina sayar da gyaɗa a kasuwa, wacce kike ɗorawa a saman tire?

Muna cewa gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma ganin hoto ji ne da aka yi wa ado. Wani ne ya gani, ya zaɓi abin da zai nuna miki.

Kada ku ce na ce hoto ba shi da amfani. Yana da shi, sai dai ta hannu ɗaya yake aiki. Hoto zai iya nuna miki cewa akwai matsala, amma ba zai iya nuna miki cewa babu ba. In kika ga an yi kuskure wajen rubuta sunan kamfani, ko buhun da aka ce yuriya ce an rubuta wata lamba da ba 46 ba, ko bakin buhu yana da layin hujin allura na tsohon ɗinki a ƙasan sabo, to kin sami dalilin ja da baya, kuma kin huta da kuɗin mota. In kuwa ba ki ga ko ɗaya ba, abin da kika sani kawai shi ne ba ki ga aibi a hoto ba. Tsakanin "ban ga aibi ba" da "na asali ne" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar kuɗin ƙungiyar can suka faɗi.

A nan ma sai an yi hattara, don ana yin kuskure ta ɗaya gefen. Wata za ta kalli hoto ta ce, "Kai, wannan jabu ne, na bara launinsa ya fi wannan duhu." Alhali hoton da aka ɗauka a cikin shago da ƙwan lantarki daban yake fita da wanda aka ɗauka a rana, waya ma kowacce da yadda take nuna launi, kuma kamfanoni kan sauya fasalin buhunsu. In kika yanke wa ɗan kasuwa hukuncin algus a kan launin hoto, maganar za ta zaga gari kafin la'asar, kin ɓata sunan mutumin da wataƙila bai ci ba bai sha ba. Wannan ma hakki ne. Abin da za ki ce shi ne, "Launin bai yi mini kama da wanda na sani ba, a bincika kafin a biya."

Yanzu me za a yi in kaya sun iso? Da farko dai a daidaita da mai kaya tun kafin a tura ko kwabo: ba za a cika kuɗi ba sai an duba, kuma abin da bai yi ba zai koma. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya gaya muku wani abu. Kuma tun 2019 akwai dokar kula da ingancin taki a Najeriya, wadda ta ce mai sayar da taki sai da izinin hukuma, saboda haka ba rashin kunya ba ne ku tambayi dila takardarsa, ku kuma nemi rasit mai sunan shago.

Sannan a ɗora buhu a sikeli. A ara a wurin masu awon hatsi in ƙungiya ba ta da shi. A duba ɗinkin baki da na gindi. Sai a buɗe, kuma ku za ku nuna buhun da za a buɗe, ba direba ba, ba yaron shago ba. A ɗebo daga sama, a tura hannu a ɗebo daga tsakiya, a kwantar da buhu ko a zazzage shi a kan busasshiyar leda a ɗebo na ƙasa. In an gama a ɗaure da wuri, don yuriya tana shan danshi ta dunƙule.

Gwaji na farko da ruwa ne. A sami kwalba mai haske wadda ake ganin ciki, a zuba ruwa mai tsabta kamar kofi ɗaya, a zuba taki cokali biyu ko uku, a girgiza. Yuriya ta gaske narkewa take yi gaba ɗaya, kuma in kika riƙe kwalbar za ki ji ta yi sanyi a hannunki kamar an ɗebo ruwan daga randa. Ruwan zai iya ɗan yin hazo kaɗan, wannan ba komai. Amma yashi da dutse ba sa narkewa, za su kwanta a gindin kwalba kowa ya gani.

Sai dai gishiri ma yana narkewa, ashe ruwa kaɗai bai isa ba. Shi ya sa akwai gwaji na biyu, da wuta. A sami murfin gwangwani ko tsohon cokalin da aka daina cin abinci da shi, a zuba taki kaɗan, a ɗora a kan garwashi, a waje inda iska ke kaɗawa, yara kuma su matsa. Yuriya za ta narke ta zama ruwa, ta tashi da wari mai hawa kai irin na zarni. Gishiri ba zai narke a garwashi ba, zai tsaya yana tartsatsi. Kada wadda ta ɗanɗana taki da harshe don ta gane gishiri, kuma a wanke hannu bayan an gama.

Abu ɗaya da za ku riƙe: wannan gwajin na yuriya ne. Kada a yi wa kamfa gwajin ruwa a ce jabu ne don an ga gari ya kwanta, domin kamfa na gaske ma yakan bar abin da bai narke ba.

To a ce an yi duk wannan, buhu ya cika kilo 50, ya narke tas, ya yi sanyi, ya narke a wuta. Yanzu za a iya cewa na asali ne? Kusa dai, amma da saura. Kin kore yashi, kin kore dutse, kin kore gishiri mai yawa. Ba ki auna ko 46 ɗin nan ta cika ba, wannan sai ɗakin gwaji. Kuma ba ki tabbatar daga wane kamfani ya fito ba. Abin da ke hannunki ya isa a saya, amma a faɗe shi da sunansa: an gwada, ya ci gwajin gida.

Akwai kuma maganar buhu nawa aka buɗe. A ce cikin buhu 10 akwai 2 masu algus, ku kuma kuka zaɓi 3 kuka gwada. Lissafi ya nuna kusan rabin lokaci duka ukun da za ku zaɓa masu kyau ne, miyagun biyun su tsallake. Na san abin da mamaki, ni ma sai da na sake lissafawa. Saboda haka wadda ta gwada 3 ta ce "duka 10 lafiya lau" ta faɗi abin da ba ta sani ba. In buhunan 10 ne kawai, ku gwada duka, aikin bai kai tsawon dahuwar wake ba. In sun yi yawa, a faɗi adadin da aka buɗe da adadin da ba a buɗe ba.

Wannan ya kawo mu rabin magana na biyu, wanda a wurina ya fi na farko wuya: yadda za ki amsa in an miƙo miki waya.

Na san nauyin da ke wurin. Mata ashirin sun zuba miki ido, shugaba ta girme ki, mai kaya yana ta kira wai wasu na jira. In kika ce "ban sani ba" sai ki ji kamar kin ba da kunya, kamar karatun naki bai yi rana ba. Ni abin da ya ture ni ke nan. Ba wai na tabbata ba ne, so nake a ga na iya. Kuma kalmar "na asali ne" da ta fito daga bakina, su ba su ji ta a matsayin zato ba. Sun ji ta a matsayin shaida, shi ya sa ba wadda ta buɗe buhu.

Amsa ta gaskiya tana da gaɓoɓi, kuma ba ta da tsawo. Ki faɗi abin da kika gani, da inda kika gan shi. Ki faɗi abin da ba ki gani ba. Sannan ki faɗi inda zuciyarki ta karkata, da abin da za a yi don a ƙara sani. Da a ce yau aka miƙo mini wancan hoton, ga abin da zan ce: "Inna, a hoton nan ban ga abin zargi a jikin buhu ba, rubutun daidai yake da na yuriya. Amma ban ga cikinsa ba, ban san nauyinsa ba, ban kuma san ko shi za a kawo mana ba. Don haka ba zan ce mai kyau ne ba, ba zan ce marar kyau ne ba. A kawo mu gwada kafin a cika kuɗi." Kun ji ba "ban sani ba" kawai na ce na yi shiru ba. Wadda ta ce "oho, Allah masani" ta tafi, ita ma ba ta taimaki kowa ba. Allah ne masani, haƙƙun, amma abin da ya ba ki ikon gani ki faɗe shi.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za a auna magana da su ba, mu ne muke cakuɗa su. "Na tabbata" daban, "ina kyautata zato" daban, "ina shakka" daban, "an ce" daban. Ina so a ƙungiyar nan mu ajiye "na tabbata" don abin da mutum ya yi da hannunsa ko ya gani da idonsa a kan kayan kansu: na tabbata buhun nan kilo 50 ne, don ni na karanta sikeli. "Ina kyautata zato" kuma don abin da ke da dalili amma ba a gwada ba: ina kyautata zaton kayan dilan nan, don shekara uku muna saye a wurinsa ba mu taɓa samun yashi ba. Ku lura, duk lokacin da aka faɗi ɗaya, sai "don" ta biyo baya. In kika nemi "don" ɗin kika rasa, ko kika ga iyakarta "don hoton ya yi kyau", to sauko da maganar mataki ɗaya. Rantsuwa kuwa a bar ta. Wallahi ba ta ƙara ko ƙwaya ɗaya ta yuriya a buhu, sai dai ta hana na kusa da ke yin tambaya.

Wata dabara da nake amfani da ita, ga waɗanda ba su son dogon bayani: a zube tsakuwa 10 a tabarma. A ce wa mai magana, cikin goman nan, nawa za ki tura gaba a kan cewa takin nan mai kyau ne? Wadda hoto kawai ta gani, daga mutumin da ba a taɓa ciniki da shi ba, ba ta da hujjar wuce 5, wato ko ya zama ko kar ya zama. Dilan da aka sani, ga rasit, ga alkawarin mayarwa, wataƙila 7. An auna, an gwada kowane buhu da ruwa da wuta, 9. Ta goman ta zauna a tabarma, don ba mu da ɗakin gwaji. Waɗannan lambobin ba doka ba ne, wata za ta tura 6 inda na tura 7. Amfaninsu shi ne kowa ta ga cewa "mai kyau ne" ɗin Inna da "mai kyau ne" ɗin sakatariya ba nauyinsu ɗaya ba, sai a tambayi kowacce dalilinta. Kuma ƙungiya ta yanke tun yau, tsakuwa nawa ake bukata kafin kuɗin akwati su fita. Sayen sabulun wanki na gwaji da sayen takin da ya cinye zubin wata shida ba za su zama ma'auni ɗaya ba.

In kuma kin faɗi 7 yau, gobe kika ji wani abu da ya mayar da ke 4, ki dawo ki faɗa tun kuɗi ba su tafi ba. Ba za mu kira wannan magana biyu ba.

Wata za ta tambaya, to kayan da ke da lambar kankarewa fa, irin wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake kankare wa a tura lambar ta saƙon waya? Wannan ya fi hoto nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: ke za ki kankare da hannunki, a kan kwalin da ke hannunki, ki tura daga wayarki zuwa lambar da tsarin ya tanada. In mai kaya ya turo miki hoton lambar da aka riga aka kankare, ko hoton amsar da ya ce ya samu, kin koma gidan jiya, hoto ne dai.

Sakatariya, ga abin da nake so ya shiga littafi duk ranar da aka yi sayayya da kuɗin ƙungiya. A rubuta kwanan wata, da abin da aka saya, da shagon da aka saya. A rubuta buhu nawa aka kawo, nawa aka ɗora a sikeli, nawa aka buɗe, wane gwaji aka yi, su wa suka tsaya a wurin, aƙalla mutum biyu ban da wadda ta haɗa cinikin. In hoto kawai aka gani, a rubuta haka ɓaro-ɓaro: "hoto kawai aka gani, ba a gwada ba."

Na zo da kwalba biyu da ƙullin taki biyu, ɗaya na haɗa shi da yashi da kaina a gida. Zan fara zagayawa da hotonsu a waya, kowacce ta tura tsakuwarta ta faɗi wanne ne wanne. Bayan nan sai mu zuba ruwa. Ƙanwata da ke kusa da randa, taimaka mana da moɗa ɗaya.